Daga Doguwar Gaisuwar Sallah Zuwa Layi Biyu: Fashin Baƙi Kan Taƙaita Saƙon da Za a Ɗora a Shafi

Duk daren Sallah sai an samu sakataren wata ƙungiya, ko yaron da ke riƙe wa mai gidansa shafin shago, zaune da waya a hannu da doguwar gaisuwar da shugaba ya turo, an ce masa ya ɗora a shafi tare da fosta. Gaisuwar tana da kyau, babu abin kushewa a cikinta. Matsalar ita ce an rubuta ta ne don a karanta a gaban taro, ko a gidan rediyo, ko a tura wa zauren WhatsApp na mutanen da suka san juna. Shafin da kowa ke iya gani kuwa wani wuri ne dabam, mai wucewa a can bai san shugaban ba, kuma babban yatsansa bai tsaya ba.

Mafi yawan masu wannan aiki suna ɗaukarsa aikin almakashi, a datse nan a datse can har rubutu ya shiga. Da haka ake samun gaisuwa mai gurguntaccen ƙarshe, ko wadda ta ambaci hakimi ta manta liman. Taƙaitawar da ke yin kyau tana farawa ne daga yanke shawara kan abu huɗu: wa ke magana, wa ake yi wa, wace gaisuwa ce, wace addu'a ce za ta wakilci sauran. Idan an daidaita waɗannan, gajeren rubutun sabo ake rubutawa, doguwar gaisuwar kuma ta zama rumbun da ake ɗebo kalmomi.

Ga misalin da za mu yi aiki da shi, irin wanda ƙungiyar 'yan kasuwa kan fitar a Ƙaramar Sallah:

"Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri, ni shugaban wannan ƙungiya, a madadina da iyalaina da ɗaukacin shugabanni da mambobin ƙungiyarmu mai albarka, ina farin cikin miƙa saƙon barka da Sallah ga Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninsa, da hakimai da dagatai da masu unguwanni, da malamanmu da limamanmu, da iyayenmu maza da mata, da abokan cinikinmu na kusa da na nesa, da ɗaukacin al'ummar Musulmi baki ɗaya, bisa kammala azumin watan Ramadan lafiya. Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu da sadakokinmu, ya gafarta mana kurakuranmu, ya sa muna cikin bayinsa 'yantattu, ya jiƙan iyayenmu da magabatanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka, ya buɗa mana kasuwanninmu. Muna kira ga matasa da su yi bukukuwan Sallah cikin natsuwa, direbobi su guji gudun wuce sa'a. Muna kuma sanar da abokan ciniki cewa za a rufe kasuwa ranar Sallah da washegari, a buɗe rana ta uku. Duk wanda muka saɓa wa ya yafe mana, mu ma mun yafe. Allah ya maimaita mana, amin summa amin."

Wannan rubutu ya haura haruffa 1,000. A nan da duk inda za a ambaci adadi, ana lissafa tazarar da ke tsakanin kalmomi da waƙafi da aya, domin haka manhajojin ke ƙirgawa.

Girman ƙofar da za a shiga

A X, wato tsohon Twitter, mai shafin da ba ya biyan kuɗi yana da haruffa 280, tun watan Nuwamba na 2017 da aka ninka daga 140. Idan aka datse gaisuwarmu daidai kan harafi na 280, za ta tsaya ne a "Allah ya ja za", tsakiyar addu'ar da ake yi wa Sarki. Instagram yana karɓar har 2,200, sai dai abin da mai wucewa ke gani kafin a ɓoye sauran a bayan kalmar "more" bai cika wuce wajen haruffa 125 ba, wani lokaci ma ƙasa da haka idan allon wayar ƙarami ne ko an tsallaka layi. A gaisuwarmu harafi na 125 yana faɗowa ne a cikin kalmar "madadina". Mai karatu ya ga sallama, ya ga "ni shugaban wannan ƙungiya, a mada", shi ke nan. Kalmar "barka" ba ta fito ba sai bayan haruffa 228. Wato dai abin da aka ɗora rubutun dominsa yana can ɓoye. Facebook ba ya hana dogon rubutu, amma shi ma yana naɗe shi bayan 'yan layuka ya sa "See more", kuma idan ana son rubutun ya fito da manyan baƙaƙe a kan bango mai launi, dole ya tsaya a wajen haruffa 130. Status na WhatsApp kuwa 700 ne iyakarsa.

Saboda haka ma'aunin da ya fi amfani shi ne ƙaramin cikinsu. Wanda ya sa gaisuwa da addu'a cikin haruffa 120 na farko ya huta, rubutu ɗaya zai yi masa aiki a ko'ina ba tare da ya sake gyara ba. Kalmomi 18 zuwa 20 ke nan na Hausa.

Jerin sunaye, inda aka fi yin ɓarna

Doguwar gaisuwar ta ambaci rukuni tara: Sarki, hakimai, dagatai, masu unguwanni, malamai, limamai, iyaye, abokan ciniki, sai al'ummar Musulmi. Wannan jeri ba ado ba ne. Tsani ne na girma, kowa da matakinsa, kuma wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san ba a sa dagaci gaba da hakimi. Mai taƙaitawa yakan ce bari ya bar uku ya cire shida. A nan ake samun ƙorafi, domin jerin mutum tara da aka mayar uku yana faɗa wa shidan da aka cire cewa an duba an ga su ne ba su kai ba. Da ba a ambaci kowa ba, da babu wanda zai ji an tsallake shi. Dokar a nan ba ta da tsaka-tsaki: ko a kawo jerin duka, ko a sauke shi duka a sa kalma ɗaya mai tattarowa a madadinsa, kamar "ɗaukacin Musulmi" ko "kowa da kowa".

Akwai togiya ɗaya. Ana iya ware rukunin da shafin ya ginu dominsu, saboda kowa zai gane dalili. Shafin 'yan kasuwa ya ce "abokan cinikinmu", shafin makaranta ya ce "ɗalibai da iyayensu", babu hakimin da zai ji haushi, don ya san ba tsanin girma ake jerawa ba, mai shago ne ke gaida masu shigo masa.

Sarki fa? Sunan sarki ba ya tafiya shi kaɗai. Yana tafe da "Mai Martaba", yana tafe da addu'arsa, kuma idan Sarkin Musulmi ne "Mai Alfarma" ake cewa. A misalinmu, daga "Mai Martaba Sarki" zuwa "zamaninsa" an ci haruffa 40, kashi ɗaya cikin uku na filin da ake da shi. Rage laƙabin don a samu wuri ya fi rashin ambaton muni. Idan ƙungiya na ganin lallai ne ta gaida fada a bainar jama'a, sai ta yi wa fada fosta tata da rubutunta cikakke, ta ɗora dabam. Haka ma gwamna ko ɗan majalisa, tare da lura da cewa gaisuwar Sallar da ta ɗauko sunan ɗan siyasa takan koma filin cacar baki a wajen sharhi kafin a sauko daga idi.

Wa ke magana

"Ni shugaban wannan ƙungiya, a madadina da iyalaina" magana ce ta mai riƙe da makirufo. A shafi, sunan ƙungiya yana nan a saman rubutun, tambarinta yana kan fosta, don haka duk wannan gabatarwa maimaici ce, a sauke ta. Abin da ya rage shi ne zaɓen wakilin suna, kuma a riƙe guda ɗaya har ƙarshe. Doguwar gaisuwar ta fara da "ina farin ciki" ta koma "muna roƙon", wanda a dogon jawabi ba ya damun kunne. A layi biyu kuwa, "ina" da "muna" kusa da juna suna sa mai karatu tambayar ko mutum ne ko ƙungiya. Shafin ƙungiya ko shago "mu" ne. Shafin mutum "ni" ne.

Sai bambancin "ibadunmu" da "ibadunku". Wanda ya ce "Allah ya karɓi ibadunku" ya tsaya gefe yana yi wa wasu addu'a. Wannan shi ne daidai idan mai gaisuwar ba Musulmi ba ne, misali ɗan kasuwa Kirista a Sabon Garin Kano ko a Jos yana gaida abokan cinikinsa, kuma ana jin daɗinsa a haka. Musulmi da ya yi azumin tare da mutane kuwa, "ibadunmu" ya fi dacewa da bakinsa. Haka abin yake idan aka juya, Musulmi na yi wa maƙwabtansa barka da Kirsimeti. "Ka" da "ki" ba su da wuri a rubutun da kowa zai gani. Saƙon da aka kwafo daga wanda aka tura wa aboki, yana ɗauke da "Allah ya maimaita maka", da ganinsa an san kwafe ne.

Addu'a takwas, wuri na biyu

A ƙirga addu'o'in misalinmu: karɓar ibada, gafara, 'yantawa, jin ƙan mamata, lafiyar marasa lafiya, zaman lafiya da damina, buɗin kasuwa, sai maimaitawa. Takwas. Layi biyu ba ya ɗaukar fiye da biyu, uku idan gajeru ne. Hanyar zaɓe mai sauƙi ita ce a tambayi kowace addu'a ko za ta yi daidai a gaisuwar Juma'a ta kowane mako. Gafara za ta yi, lafiya za ta yi, zaman lafiya da buɗin kasuwa duk za su yi. Biyu ne kawai suka keɓanta da wannan rana: karɓar ibadar da aka gama, da maimaitawa. Su ne ke mayar da rubutu gaisuwar Sallah. Ɗaya tana duban watan da ya wuce, ɗaya tana duban baɗi.

"Azuminmu da tsayuwarmu da sadakokinmu" kuma kalma ɗaya ta haɗe su, "ibadunmu". Wannan ita ce irin taƙaitawar da ba a rasa komai a cikinta, domin babbar kalma ta rungume ƙanana. A nemi irinta kafin a kai ga sharewa.

Akwai wani tarko da ya kamata a daɗe a kansa, saboda ba ya bayyana sai an ɗora. A doguwar gaisuwa, "Allah ya maimaita mana" yana can ƙarshe, kowa ya san Sallah ake nufi. Idan aka cire abin da ke tsakani, addu'o'in da ke nesa da juna sai su zama maƙwabta, ma'ana ta zame. Mai taƙaitawa da ya ji ba zai iya barin addu'ar mamata ba zai iya fitowa da wannan: "Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya maimaita mana." Me za a maimaita? Abin da ya gabata a jimlar rasuwa ce. Haka "Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya maimaita mana" bai tsira ba. Aikatau "maimaita" yana jingina ne da abu mafi kusa da shi, don haka wurinsa kusa da "Barka da Sallah" ko "ibadunmu". Idan shekarar ta zo da rashi a cikin ƙungiya har ana ganin dole a ambata, a ba addu'ar mamata jimlarta ita kaɗai a ƙarshe, a kuma musanya "ya maimaita mana" da "ya nuna mana ta baɗi", wadda ta fito da abin da take nufi a fili.

Nahawu ma yana da haƙƙinsa. Aikatau irin "karɓa" yana sauya ƙarshe gwargwadon abin da ke binsa: "ya karɓi ibadunmu", "ya karɓe su", "ya karɓa". Wanda ya share "ibadunmu" don neman wuri ya bar "Allah ya karɓi" ya bar jimla a rataye, sai ya mayar da ita "Allah ya karɓa" ko "Allah ya karɓa mana". Haka kalmomin da ke ƙarewa da mahaɗi, irin su "saƙon", "fatan", "ɗaukacin", "bukukuwan": kowace tana jiran abokiyar tafiyarta, idan an cire abokiyar dole a gyara ta. Sannan a jerin addu'a kowace gaɓa tana buƙatar "ya" tata. "Allah ya karɓi ibadunmu, maimaita mana" ya koma umarni, kuma haruffa uku kacal aka tsira da su. Wasu marubuta suna sa babban baƙi, "Allah Ya", don girmamawa. Duka biyun ana gani a rubuce, abin da ake so dai kada a gauraya a cikin layi ɗaya.

Larabci da maimaici

Gaisuwa da yawa suna jero "Eid Mubarak", "Barka da Sallah", "Taƙabbalallahu minna wa minkum", sannan "Allah ya karɓi ibadunmu". Na farko da na biyu aiki ɗaya suke yi, na uku da na huɗu ma kusan ma'anarsu ɗaya, roƙon Allah ya karɓa daga gare mu da ku. "Taƙabbalallahu minna wa minkum" haruffa 30 ne. A ɗauki ɗaya daga kowane biyun. Shafin makarantar Islamiyya zai fi son na Larabcin, shafin shagon atamfa Hausar ta ishe shi. Idan da baƙaƙen Larabci za a rubuta, a ba shi layinsa shi kaɗai, domin haɗa rubutun da ke tafiya daga dama da wanda ke tafiya daga hagu a layi ɗaya yana sa aya da waƙafi su yi tsalle zuwa gefen da ba nasu ba. Kowane wasali da aka ɗora wa baƙin Larabci kuma harafi ne a lissafi.

Aya ko hadisi ba a yi musu aski. In wuri bai isa a kawo su cikakku ba, a bar su ga doguwar gaisuwar. Haka sunan Allah: gajarta rubutu irin na hira, "brk d slh", "Allh y krb", ya saba a tsakanin abokai, amma a shafin ƙungiya yana rage mata kwarjini, kuma akwai masu karatu da yawa da ke jin zafin ganin an gutsure sunan Ubangiji don tsimin harafi ɗaya. Cikakkiyar sallama kuwa haruffa 45 ce. A saƙon da aka aika wa mutum ko zaure ita ce mabuɗi. A ƙasan fosta, da yawa suna farawa kai tsaye da "Barka da Sallah", wanda shi kansa gaisuwa ne. Wanda bai natsu da barin sallama ba ya sa "Assalamu alaikum", haruffa 16, ya san ya biya kuɗinta daga cikin 120 ɗinsa.

Nasiha, yafiya da sanarwa

Kiran da aka yi wa matasa da direbobi magana ce mai kyau a bakin shugaba a gaban taro. A gajeren rubutu tana sauya launin saƙon daga gaisuwa zuwa gargaɗi, a sauke ta. Hukumar da aikinta ke nan, kamar masu kula da haɗurran hanya, ita ce za ta sa wannan a gaba.

Neman yafiya ya fi wannan sarƙaƙiya. "Duk wanda muka saɓa wa ya yafe mana" tana da nauyi a zauren dangi, inda ake da saɓanin da kowa ya sani. A shafin kasuwanci da kowa ke iya yin sharhi, gayyata ce. Wanda tela bai gama wa ɗinkin Sallah ba, da wanda ke bin bashi, duk sun samu ƙofa, kuma ba laifinsu ba ne tunda an tambaya. A bar ta a inda ake da fuska da fuska.

A gaisuwar iyali akwai ƙarin abin da ake cirewa ko da wuri ya isa: sunayen yara, sunan mara lafiyar da ake nema wa addu'a, da batun cewa gida duka an tafi ƙauye yawon Sallah sai bayan mako. Abin da ya dace da zauren mutum talatin da suka san juna bai dace da allon da baƙo zai iya ɗaukar hotonsa ba.

Sanarwar rufe kasuwa ita ce kaɗai a cikin wannan rukuni da ba a yarwa, domin ita ce labarin da wani zai yi amfani da shi, wataƙila ya fasa hawo mota daga wani gari. Amma ba a cusa ta cikin addu'a. Layinta dabam, bayan gaisuwa. Kuma a rubuta ta a rubutun kansa ko da tana kan fosta, saboda mai ƙarancin data da masu shiga Facebook na kyauta wanda ba ya buɗe hoto rubutun kaɗai za su gani, sannan abin da ke cikin hoto ba ya kwafuwa cikin sauƙi idan wani zai tura wa ɗan'uwansa.

Abin da ya fito

Mafi gajarta, wanda zai hau kowane shafi har da bango mai launi:

"Barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana."

Kalmomi 10, haruffa 59. Aibinsa ɗaya, kowa ma zai iya rubuta shi, babu abin da ke nuna daga kasuwa ya fito. Idan fostar na ɗauke da suna da tambari, ya wadatar. Wanda ya fi dacewa da ƙungiyar shi ne:

"Barka da Sallah ga abokan cinikinmu da ɗaukacin Musulmi. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana cikin lafiya."

Kalmomi 18, haruffa 112. Ya shiga ƙarƙashin 125, ya ware rukuni ɗaya mai dalili, ya tattara sauran takwas a kalma biyu, kuma "cikin lafiya" ta ɗauko ɗan ƙamshin addu'ar lafiya da zaman lafiya ba tare da buɗe sabuwar gaɓa ba. Sai a tsallaka layi a ƙara:

"Kasuwa a rufe take ranar Sallah da washegari, za a buɗe rana ta uku."

Wannan haruffa 68 ne, jimilla 181 da tsallaken layin. A X saura kusan 100. Idan za a liƙa adireshin shafin da cikakkiyar gaisuwar take, X yana lissafa kowane adireshi a matsayin haruffa 23 komai tsawonsa, kowane imoji kuma 2. Jinjirin wata ɗaya ya isa. Jerin masallaci da rago da tafin hannu da fure guda goma yana cin wuri, kuma ragon ma ba na wannan Sallar ba ne.

Batun rana

An lura sanarwar ba ta ce Lahadi ko Litinin ba. Da gangan ne. Watan Ramadan kwana 29 ne ko 30, kuma a Nijeriya ba a tabbatar da ranar 1 ga Shawwal sai fadar Sarkin Musulmi ta yi sanarwar ganin wata a daren. A 2024 an cika 30, aka yi Sallah ranar Laraba 10 ga Afrilu. A 2025 kuwa 29 aka yi, Sallah ta kama Lahadi 30 ga Maris. Duk wanda ya shirya rubutu tun da wuri yana cewa "bayan azumi talatin", ko ya saita manhaja ta ɗora masa da asubahin wata rana da ya ƙiyasta, ya yi caca. "Ranar Sallah da washegari" daidai ne ko yaushe aka ga wata. Bayan an yi sanarwa, sai a mayar da shi sunayen ranaku, wanda ya fi sauƙin ganewa ga mai shirin tafiya. Facebook da Instagram suna bari a gyara rubutu bayan ɗorawa. A X mai shafin kyauta ba shi da wannan dama, sai dai ya goge ya sake, ya rasa duk amin ɗin da aka riga aka rubuta masa.

Kalmar "yau" ma a yi hattara da ita idan masu bibiyar shafin sun haɗa da mutanen Maraɗi, Damagaram ko Yamai. A 2024 ɗin nan Nijar ta yi Sallah ranar Talata 9 ga Afrilu, kwana ɗaya kafin Nijeriya. "Barka da Sallah" ba ta tsufa cikin kwana uku, "yau take Sallah" kuwa rana ɗaya ce tata, a wuri ɗaya.

Idan Babbar Sallah ta zo, ranar 10 ga Zulhajji, ƙashin rubutun bai sauya ba, addu'ar da ta keɓanta da ranar ce ke sauyawa: "Barka da Sallah. Allah ya karɓi layyarmu, ya dawo da alhazanmu lafiya." Kuskuren da ake yawan gani shi ne a ɗauko na Ƙaramar Sallah a sake ɗorawa da "azuminmu" a ciki. Kuma tunda ba kowa ke samun ikon yanka ba, "ibadunmu" ta fi "layyarmu" faɗi a shafin da talaka da mai hali duk suke karantawa.

Baƙaƙe masu lanƙwasa da alamar #

Wasu na gudun ɓ, ɗ da ƙ suna zaton sun fi cin wuri. A X, Facebook da Instagram kowannensu harafi ɗaya ne kamar sauran. Inda suke da tsada shi ne saƙon tes na layin waya, wanda ke ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ƙ ɗaya ta shiga sai ya koma 70. Wannan ba matsalar shafi ba ce. A dogon rubutu mahallin magana yana rufa wa "kasa" da "kara" asiri, mai karatu ya gane "ƙasa" da "ƙara" ake nufi. A kalmomi goma babu mahallin da zai yi wannan aiki, kuskure ɗaya a fili yake. Madannin Gboard yana da Hausa, sai a ƙara ta a jerin harsuna.

Maudu'in da ake sa wa alamar # yana yankewa a duk inda ya haɗu da tazara ko alamar ɗauri irin ta "Juma'a". Wanda ya rubuta #Barka da Sallah, "Barka" kaɗai ya kama. Wanda ya rubuta #Juma'a ya samu #Juma. Daidai shi ne a haɗe, a fara kowace kalma da babban baƙi don ta karantu: #BarkaDaSallah. Ɗaya ko biyu, a layin ƙarshe, ba a tsakiyar addu'a ba.

Doguwar gaisuwar kuma ba a jefar da ita. Ita ce za a tura zauren mambobi, a kai gidan rediyo, a buga a takarda mai tambari a kai fada, ko a sa ta a hoto na biyu bayan fosta ga mai son karantawa. Yana da kyau a nuna wa shugaba wannan tun kafin a ɗora, don ya ga sunayen da ya jera suna nan a inda masu su za su gani. Kafin a danna, a karanta gajeren da ƙarfi sau ɗaya, a saurari abin da ke gaban "maimaita", sannan a duba shi a ƙaramar waya, ba a kwamfuta ba, a ga kalmar da "more" ta faɗo a kanta. In ta faɗo bayan "cikin lafiya", rubutun ya shiga. In ta faɗo kafin nan, sai a sauke "cikin lafiya" ko a mayar da "ɗaukacin Musulmi" zuwa "kowa", a sake dubawa.